Yadda ake haɗa rasit ɗin mai da hoton odomita a fitar da kuɗin kowace kilomita

Rasit ɗin gidan mai yana faɗin nawa aka biya da lita nawa aka zuba, amma ba ya faɗin nisan da man ya kai motar, shi kuma hoton odomita, wato mitar da ke ƙirga kilomitocin da mota ta ci tun fitowarta daga kamfani, yana faɗin nisa ne kawai ba tare da ya ce komai a kan kuɗi ba. Sai an haɗa su biyun a layi ɗaya, kuma an kiyaye ƙa'ida guda, sannan lissafin zai fito daidai. Ƙa'idar ita ce ana auna tafiya ne daga cikon tanki zuwa cikon tanki na gaba, domin a waɗannan lokuta biyu kaɗai aka tabbatar da yawan man da ke cikin motar. Allurar mai da ke jikin allon direba ba ta isa shaida ba, saboda tana iya daɗewa a kan rabi alhali man yana raguwa, sannan ta faɗi cikin ɗan lokaci. Duk matakan da za su biyo baya a kan wannan ƙa'ida aka gina su.

Abin da ake yi kafin a bar gidan mai

Aikin yana farawa ne a gindin famfo, kuma kuskuren da aka yi a nan ba ya gyaruwa a gida. Idan ana son cikon da za a yi lissafi da shi, sai a bari famfon ya yanke da kansa a karo na farko, a tsaya a nan, kada a ce wa mai zuba man ya ƙara ɗurawa har ya kai bakin tanki. Abin da ake nema shi ne a riƙa tsayawa a mataki ɗaya kowane lokaci. Wanda yau ya tsaya a yankewar farko, gobe kuma ya sa aka danna masa ƙarin lita ɗaya da rabi, ya shigar da kuskuren kusan kashi 4 cikin 100 a cikon lita 38, kuma zai ga sakamakonsa yana hawa yana sauka ba tare da motar ta canza komai ba.

Daga nan sai a murɗa makulli allon ya haskaka, a ɗauki hoton odomita kafin mota ta motsa. A tabbata cewa abin da allon ke nunawa shi ne babban adadi, wanda a yawancin motoci ake rubuta ODO a gefensa, domin maɓalli ɗaya ne ke juya allon tsakaninsa da TRIP A da TRIP B, su kuwa waɗannan biyun mitocin gajeren zango ne da kowa zai iya mayar da su sifiri da yatsa ɗaya. A ɗauki hoton daga gaba sosai, kada a ɗauke shi a karkace, kuma a kashe fitilar kyamara saboda gilashin allon yana mayar da haske ya rufe lambobi. Kafin a mayar da waya aljihu a buɗe hoton a faɗaɗa shi, a ga ko ana iya bambance 3 da 8, da kuma 1 da 7, domin su ne lambobin da suka fi rikicewa a hoto mai dishi-dishi.

Rasit ɗin ma a ɗauke shi hoto nan take, a shimfiɗe a kan cinya ko kan kujera. Yawancin rasit ɗin da inji ke fitarwa a kan takarda mai aiki da zafi ake buga su, babu tawada a jikinsu, shi ya sa rubutun ke dushewa idan ya daɗe, takardar kuma tana iya yin baƙi gaba ɗaya idan aka bar ta a saman allon mota rana ta buge ta. A duba cewa abubuwa huɗu sun fito: kwanan wata, yawan lita, farashin lita ɗaya, da jimlar kuɗi. Idan rasit ɗin jimlar kuɗi kawai ya nuna, kamar yadda na'urar biyan kuɗi da kati ke fitarwa, sai a ɗauki hoton fuskar famfon kafin a goge lambobin don mai saye na gaba. Ni a ganina dabarar da ta fi sauƙi ita ce a rubuta adadin odomita da biro a kan rasit ɗin, tare da kalmar "cike" ko "ba cike ba", sannan a ɗauki hotonsa, ta yadda ko da hotunan biyu sun rabu daga baya, takardar tana ɗauke da bayanin komai.

Tsara hotuna

A buɗe folda ɗaya ga kowace mota, a sauya wa kowane hoto suna da zai fara da shekara, wata, rana, sannan adadin odomita, domin da wannan tsari hotunan za su jera kansu bisa lokaci:

```
2025-03-10_48655_rasit.jpg
2025-03-10_48655_odo.jpg
```

Wayar tana ajiye ranar ɗaukar hoto a cikin bayanan fayil ɗin, amma manhajojin aika saƙo da dama suna share wannan bayani kuma suna rage ingancin hoton idan aka tura shi. Saboda haka wanda direba ke turo masa hotuna kada ya ɗauki ranar isowar hoto a matsayin ranar sayen mai, ranar da ke jikin rasit ita ce abin dogaro.

Gina jadawalin

Ana iya yin wannan a Excel, ko Google Sheets, ko LibreOffice Calc, fomulolin duk iri ɗaya ne. Layin kwance na farko na sunaye ne, kowane sayen mai kuma yana da layinsa guda, ko da an sayi mai sau biyu a rana ɗaya. Layukan tsaye bakwai na farko su ne waɗanda ake cikewa da hannu: A kwanan wata, B odomita, C lita, D farashin lita, E jimlar kuɗi, F alamar ciko, inda 1 ke nufin an cika tanki, 0 kuma ba a cika ba, sai G sunan hoton. A rubuta lambobi zalla a cikin akwatunan, kada a haɗa su da kalmar "lita" ko alamar kuɗi, domin manhajar za ta ɗauke su a matsayin rubutu ta ƙi yin lissafi da su.

Ga misalin wata mota mai tankin lita 45 a cikin wata ɗaya. Farashin da ke ciki na misali ne kawai, an zaɓe shi don sauƙin lissafi, mai karatu ya sa kuɗin da yake biya a wurinsa.

```
   A           B      C     D    E     F
2  2025-03-03  48210  38.0  100  3800  1
3  2025-03-10  48655  36.5  102  3723  1
4  2025-03-16  48900  15.0  104  1560  0
5  2025-03-21  49190  29.5  104  3068  1
6  2025-03-29  49960  37.0  105  3885  1
```

Layi na 2 shi ne mafari, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskuren farko. Litoci 38 da aka zuba ranar 3 ga Maris sun maye gurbin man da motar ta ƙone ne kafin a fara ajiye bayani, a tafiyar da ba a auna ba, don haka ba su da rabo a lissafin. Amfanin wannan layi biyu ne kawai: ya ba da adadin odomita na farawa, kuma ya tabbatar da cewa tankin a cike yake a lokacin. Man da aka ƙone tsakanin 3 da 10 ga wata shi ne wanda aka mayar ranar 10, wato lita 36.5. Nisan kuma shi ne 48655 a cire 48210, kilomita 445. Idan aka raba 445 da 36.5 za a sami kilomita 12.19 a kowace lita, idan kuma aka raba 3723 da 445 za a sami 8.37, wanda shi ne kuɗin mai na kowace kilomita a wannan zango.

Akwai wani ɗan bambanci da ya kamata a sani. Man da aka ƙone a wancan mako an saye shi ne a kan 100, amma lissafin ya yi amfani da 102, farashin da aka mayar da shi. Wannan ba aibi ba ne, domin amsar tana faɗin abin da tafiyar ta jawo aka kashe don tanki ya koma yadda yake, kuma idan aka tara watanni bambancin yana narkewa. Sai dai a tsaya a kan hanya ɗaya, kada a riƙa sauyawa daga wata zuwa wata.

Sayen da bai cika tanki ba

Layi na 4 ya fi kowanne buƙatar natsuwa. Ranar 16 ga wata an zuba lita 15 kawai, tankin bai cika ba, don haka babu wanda ya san yawan man da ya rage a ciki. Wanda ya yi gaggawa ya raba kilomita 245 da aka yi tun ciko na baya da lita 15 zai sami kilomita 16.3 a lita, ya ɗauka motar ta gyaru. A layi na gaba kuma ya raba 290 da 29.5 ya sami 9.8, ya fara zargin injin ko direba. Duka lambobin biyu ba gaskiya ba ne, motar ba ta canza ba, lissafin ne aka yanke a wurin da bai dace ba.

Hanyar da ta dace ita ce a bar layi na 4 ba sakamako, a ɗauki litocinsa da kuɗinsa da nisansa a kai su gaba, a haɗa da na layin da tanki ya sake cika. Daga cikon ranar 10 zuwa na ranar 21, motar ta yi kilomita 535, an zuba mata lita 15 da lita 29.5, jimla 44.5, an kuma biya 1560 da 3068, jimla 4628. Sakamakon shi ne kilomita 12.02 a lita, da kuɗi 8.65 a kowace kilomita. Idan aka kwatanta da zangon farko za a ga cewa cin man motar kusan yana nan yadda yake, hawan da kuɗin ya yi daga 8.37 zuwa 8.65 kuwa galibinsa daga ƙarin farashin lita ya zo. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ajiye lambobin biyu gefe da gefe, domin kilomita a lita tana ba da labarin motar da yadda ake tuƙa ta, kuɗin kilomita kuma yana haɗa wannan da halin kasuwa.

Ana iya sa jadawalin ya yi wannan tarawa da kansa. A ƙara layukan tsaye biyar: H nisan da aka tara, I litocin da aka tara, J kuɗin da aka tara, K kilomita a lita, L kuɗin kilomita. A bar layi na 2 babu komai a waɗannan gurabe, a rubuta fomulolin nan a layi na 3, daga H3 zuwa L3 bi da bi, sannan a ja su ƙasa:

```
=B3-B2+IF(F2=1,0,H2)
=C3+IF(F2=1,0,I2)
=E3+IF(F2=1,0,J2)
=IF(F3=1,H3/I3,"")
=IF(F3=1,J3/H3,"")
```

Fomuloli uku na farko suna duba layin da ke samansu ne: idan an cika tanki a can, sai ƙirga ta fara sabuwa, idan kuwa ba a cika ba, sai a ɗauko abin da ya taru a ƙara. Biyu na ƙarshe ba sa nuna komai sai a layin da F ke ɗauke da 1. Ko da an yi ƙananan saye huɗu a jere, tsarin zai ci gaba da tarawa har ranar da aka cika. Idan manhajar ta ƙi karɓar fomula, mai yiwuwa saitin yankinta yana raba sassan fomula da alamar `;` maimakon `,`, sai a musanya.

Wanda ba ya cika tanki kwata-kwata, kullum na wani adadin kuɗi yake saya, shi ma zai iya amfani da jadawalin, amma dole ya cika sau ɗaya a farko da sau ɗaya a ƙarshen lokacin da yake son aunawa, misali farkon wata da ƙarshensa.

Yadda ake gane cewa wani abu ya ɓace

Layi na 6 zai fitar da kilomita 770 a kan lita 37, wato kilomita 20.8 a lita, kuɗin kilomita kuma ya faɗi zuwa 5.05. Motar da ta saba yin kilomita 12 ba ta tsallakawa zuwa 21 cikin mako ɗaya. A cin manta na yau da kullum, tafiyar kilomita 770 tana buƙatar kimanin lita 64, tankin kuwa lita 45 yake ɗauka, saboda haka ba zai yiwu a ce ta yi wannan nisa da ciko ɗaya ba. Kusan lita 27 aka zuba a wani wuri tsakanin 21 da 29 ga wata, rasit ɗin bai iso ba. Kafin a yanke wannan hukunci, a koma ga hoton odomita tukuna, domin kuskuren lamba ɗaya wajen kwafewa, kamar rubuta 49960 a maimakon 49660, yana haifar da alama iri ɗaya. Abin da ke bambance su shi ne layi na gaba: idan kuskuren kwafi ne, zangon da ya biyo baya zai fito da nisan da ya gaza na kullum sosai, idan kuwa rasit ne ya ɓace, zai dawo daidai.

Idan hoton ya tabbatar da adadin, sai a nemi sayen da ya ɓace a saƙonnin banki ko tarihin kati. In an same shi, a shigar da sabon layi a wurinsa bisa kwanan wata, a sa 0 a F, sannan a sake jan fomulolin daga sama har ƙasa domin su kama sabon layin. Odomitar wannan layi, wadda babu hotonta, ana iya sa kowane adadi da ke tsakanin na sama da na ƙasa, tun da nisan haɗuwa zai yi, amma a rubuta a G cewa ƙiyasi ne. In kuwa ba a same shi ba, kada a ƙirƙiro lamba don a cike gurbi. A yi wa zangon alama, a cire shi daga jimla, a ɗauki cikon ranar 29 a matsayin sabon mafari.

Wasu gwaje-gwaje biyu suna kama yawancin sauran kurakurai. Na farko shi ne a ninka lita da farashi a ga ko ya yi daidai da jimlar da ke kan rasit, wanda fomula ɗaya a layin tsaye na M za ta yi:

```
=ROUND(C3*D3-E3,0)
```

Sifiri ko abin da ya kusance shi ake sa ran gani. Babban adadi yana nufin an yi kuskuren kwafi, ko kuma an haɗa wani abu da ba mai ba a rasit ɗin, kamar galan ɗin baƙin mai ko ruwan birki, wanda dole a raba shi a kai shi shafin sauran kashe-kashe. Na biyu shi ne kada lita ta wuce girman tanki. Rasit ɗin lita 60 a motar da ke ɗaukar 45 yana nuna cewa an zuba wani sashe a jarka ko a wata motar, kuma wannan sashe ba ya cikin lissafin wannan mota.

A kuma tabbatar da ma'aunin da odomita ke ƙirgawa da shi, domin motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka ko Birtaniya da mil suke ƙirga. Mil ɗaya kilomita 1.609344 ne, don haka 445 a irin wannan allo kilomita 716 ce, kuma wanda bai lura ba zai ga kuɗin kilomitarsa ya kumbura da kusan kashi 61 cikin 100. Haka nan galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, na Birtaniya kuma 4.546. Girman taya ma yana shafar odomita, saboda juyin taya take ƙirgawa: tayar da kewayenta ya fi na asali da kashi 3 cikin 100 za ta sa mita ta nuna kimanin 971 a tafiyar kilomita 1000. Wannan ba ya ɓata kwatanta wata da wata matuƙar ba a sauya tayoyin ba, amma a rubuta ranar sauyin idan an yi.

Jimlar wata da sauran kuɗin mota

Domin samun adadi ɗaya na tsawon lokaci, a haɗa kuɗin duk layukan da suka biyo bayan mafari a raba da nisan gaba ɗaya. A misalinmu, bayan cire zangon da rasit ɗinsa ya ɓace:

```
=SUM(E3:E5)/(B5-B2)
```

Kuɗin 8351 ne, nisan kilomita 980, sakamakon 8.52. Da an haɗa da 3800 na layin mafari, da an sami 12.40, ƙarin kusan kashi 45 cikin 100 wanda babu gaskiya a cikinsa. Kada kuma a ɗauki matsakaicin lambobin L a matsayin jimla, domin hakan yana ba gajeren zango da dogon zango nauyi ɗaya. A nan bambancin kaɗan ne saboda zangunan sun yi kusa da juna a tsawo, amma yana girma idan ɗaya kilomita 100 ne ɗayan kuma 900.

Adadin 8.52 na mai ne kaɗai, kuma a rubuta hakan a samansa, saboda wanda zai yi amfani da shi wajen neman a biya shi kuɗin tafiyar aiki ko wajen yanka kuɗin dako zai yi asara idan ya ɗauka shi ne duka. A buɗe shafi na biyu don juyen baƙin mai, tayoyi, birki, inshora da takardun mota, kowanne da kwanan wata, odomita, kuɗi da hoton rasit. Waɗannan ba a ɗora su a kan watan da aka biya, ana shimfiɗa su ne a kan nisan da suka yi aiki. Juyen baƙin mai na 4000 da ya kai motar kilomita 5000 yana ƙara 0.80 a kowace kilomita, tayoyin 48000 da suka yi kilomita 40000 suna ƙara 1.20, sai jimla ta tashi daga 8.52 zuwa 10.52. Kafin tayoyin su ƙare ƙiyasi ake amfani da shi, ranar da aka sauya su kuma sai a ɗauki hoton odomita a maye ƙiyasin da adadi na gaskiya. Inshora da takardu lokaci suke bi, ba ruwansu da nisa, don haka ana raba kuɗinsu na shekara da kilomitocin da motar ta yi a shekarar, wanda ake samu ta cire odomitar ranar farawa daga ta ranar cikar shekara a shafin mai.